Zuwa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Ribar Gidan Haya

"An yi mini tayin gida a kan 30,000,000, hayarsa 3,000,000 a shekara. Dillali ya ce ribata kashi 10 cikin ɗari ce. Haka ne?"

Assalamu alaikum, Malam.

Dillalin bai yi ƙarya ba, sai dai ya lissafa abin da gidan zai kawo ne idan bai taɓa zama babu kowa ba, rufinsa kuma bai taɓa yoyo ba. Alƙaluman da zan ƙara a nan misali ne, sai ka musanya su da naka.

Jarinka ya wuce kuɗin saye, domin la'ada da kuɗin lauya da na takardu da gyaran farko duk suna ciki. Idan suka ci 2,000,000, jarin ya zama 32,000,000.

Sai batun zaman gida babu ɗan haya. Idan a kowace shekara uku gidan yakan yi wata uku a rufe tsakanin fitar wani da shigar wani, ka rasa wata guda ke nan a shekara, wato 250,000, abin da zai shigo hannu kuma 2,750,000 ne. Wakilin da ke karɓar maka haya, idan kashi 10 yake ɗauka, zai tafi da 275,000. Ka tabbatar an rubuta cewa daga abin da ya karɓo zai cira, domin akwai masu cira daga abin da aka yi yarjejeniya, ko ɗan haya ya biya ko bai biya ba.

Wurin gyara ne aka fi yaudarar kai, saboda manyan gyare-gyare ba sa zuwa kowace shekara, sai mai gida ya ga shekara biyu sun wuce lafiya ya ɗauka haka abin yake. Rufin da za a sauya a kan 2,400,000 bayan shekara 12 yana cin 200,000 duk shekara, ko da ba ka fitar da komai bana ba. Fentin 450,000 duk shekara uku yana cin 150,000, ƙananan gyare-gyare irin na famfo da makulli kuma a ba su 150,000. Jimilla 500,000. Da ni ne, zan kai magini ya duba rufin kafin in biya, domin idan saura shekara uku ya mutu, kason rufin kaɗai a shekara ya koma 800,000.

A cire harajin gida na 75,000, saura 1,900,000. Idan harajin kuɗin shiga kashi 20 ne na ribar, 380,000 sun tafi. Dokar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma galibi gyaran da aka riga aka biya ake yarda a cire, ban da kuɗin da ka ware don gaba, don haka harajin shekarar da ba a yi gyara ba zai iya fin haka.

Abin da ya rage 1,520,000 ne. Idan ka raba shi da 32,000,000, ribarka ta tsaya a kashi 4.75 cikin ɗari, ƙasa da rabin abin da aka faɗa maka.

Wassalam.