Wasiƙa zuwa ga Yaya game da tambayar banki a kan kuɗin gidan Tudun Wada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da Hajiya da iyali baki ɗaya. Na saurari saƙonka na daren Talata har sau biyu, kuma na ji ɓacin ran da ke cikin muryarka lokacin da kake ba da labarin yadda ma'aikaciyar banki ta ce sai ka kawo shaidar inda naira miliyan 14 ɗin nan, kashin farko na kuɗin gidan Baba da muka sayar, ta fito kafin a bari ka cire ko kwabo. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, domin ka samu abin karanta wa Kawu da sauran magada.

Abu na farko, ba a ce kai ɓarawo ba ne. Shekara da shekaru asusunka ba ya ganin komai sai albashin koyarwa a ƙarshen wata da ɗan abin da nake aikowa, kuma sana'ar da ka rubuta ranar buɗe shi ita ce malamin makaranta. Rana ɗaya sai ga kuɗin da ya fi albashin shekaru da yawa ya faɗo daga asusun wani kamfani da bai taɓa hulɗa da kai ba. Na'urar banki tana kwatanta abin da ya shigo da abin da aka saba gani, idan suka yi hannun riga sai ta miƙa maganar ga sashen da ke kula da bin doka. Ita ma'aikaciyar da ka yi wa faɗa saƙo kawai aka ba ta.

Akwai doka a bayan wannan, wato dokar hana halasta kuɗin haram ta shekarar 2022. Ta wajabta wa banki ya sanar da NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, duk wata ajiya ko turawa guda da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, cikin kwana bakwai. Wannan rahoto ba tuhuma ba ne, kowa ana yi masa, har 'yan kasuwar Kasuwar Barci da kuɗi irin wannan ke ratsa asusunsu a kai a kai. Rahoton da ya kamata mu guje wa shi ne na biyu, wanda banki ke aikawa idan ya ga abin da ya kasa gane kansa ko ya yi zargi, kuma shi ba ruwansa da yawan kuɗi. Doka ta hana ma'aikacin banki ya gaya maka an aika irin wannan rahoto, shi ya sa za ka ga suna ta kewaye-kewaye idan ka matsa musu da tambaya. Takardun da suke nema su ne za su ajiye a fayil, domin idan Babban Bankin Najeriya ko EFCC suka zo bincike su nuna cewa sun tambaya kuma an ba su amsa mai gamsarwa.

Wannan ya kawo ni ga shawarar Kawu, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ka ce ragowar miliyan 10 mai saye yana so ya kawo ta tsaba a jaka, Kawu kuma ya ce a raba ta ƙasa da miliyan biyar-biyar, a zuba wani kashi a asusunka, wani a na Hajiya, wani a na matarka, don kada banki ya sake magana. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma don Allah kada a yi haka. Dokar nan ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, ta kuma hana rarraba ciniki ɗaya gida-gida da nufin kauce wa rahoto. Ga shi kuma duk asusun da mutum yake da shi a ɗaure yake da lambar BVN ɗinsa, kuma zubin miliyan 4 da dubu 900 sau biyu a mako ɗaya yana cikin alamun da aka horar da ma'aikatan banki su lura da su. Kuɗinmu halas ne, gadon mahaifinmu ne, amma rarraba shi zai ba shi kamannin kuɗin da ake ɓoyewa. Ku ce wa mai saye ya kai kuɗinsa asusunsa, ya turo daga can a dunƙule, ya rubuta a wurin bayanin turawa cewa cikon kuɗin gida ne. Idan akwai tambaya a kan tsabar, bankinsa ne zai yi masa ita.

Yanzu ga yadda za ka amsa. Ka ɗauka cewa wanda zai karanta fayil ɗin bai san Baba ba, bai taɓa taka Tudun Wada ba, wataƙila ma yana zaune ne a hedikwatarsu. Abin da yake so ya gani shi ne hanya ɗaya da ba ta yanke ba, daga gidan Baba har zuwa asusunka, kowane mataki da takardarsa.

Mafarin hanyar shi ne cewa gidan na Baba ne, sai ka kai kwafin takardar mallaka, da duk wani rasit na KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, da ke cikin akwatin Hajiya. Daga nan sai shaidar rasuwarsa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, da takardar rabon gado ta kotun shari'a, mai ɗauke da sunayenmu da kason kowa har da tumunin takabar Hajiya. Wannan ita ce ke nuna yadda gidan ya dawo hannunmu. Sai yarjejeniyar ciniki da lauya ya rubuta, inda aka ambaci miliyan 24, da cewa za a biya kashi biyu, da sa hannun shaidu. A ƙarshe sai rasit ɗin turawa daga wurin mai saye. Saƙon shigar kuɗi da ke wayarka ba zai wadatar ba, domin abin da yake nunawa bankin ya riga ya sani, wato kuɗi ya shigo.

Akwai wurare biyu da na ga hanyarmu ta yanke, kuma ina zaton su ne ainihin abin da ya tsayar da kuɗin. Na farko, a hoton yarjejeniyar da ka turo mini sunan mutum ne a matsayin mai saye, amma kuɗin daga asusun kamfani ya fito. A wurinmu abu ɗaya ne, tunda kowa ya san kamfanin nasa ne, amma a takarda mutane biyu ne daban, kuma biyan kuɗi ta hannun wanda ba ya cikin ciniki yana daga abubuwan da banki ke tsayawa a kansu. Maganinsa shi ne wasiƙa a kan takardar kamfanin mai tambari, da sa hannun darakta, tana cewa ranar kaza kamfanin ya biya miliyan 14 a madadin wane don sayen gida mai lamba kaza. Idan ya haɗa da kwafin rajistar kamfanin da ke nuna shi darakta ne, ya fi.

Na biyu, gidan na magada bakwai ne, amma kuɗin duka ya shiga asusun mutum ɗaya. Dole a samu takardar wakilci da ke cewa mun amince ka karɓa a madadinmu ka raba. Ka sa lauyan ya rubuta ta, kowa ya sa hannu kusa da sunansa kamar yadda yake a katinsa na NIN. Ni zan sa hannu a nan gaban lauya mai hatimi in aiko. A nan ka lura da rubutun sunaye sosai: idan kotu ta rubuta sunan Baba da wata ƙa'ida, takardar gida kuma da wata, ka je kotu ka yi rantsuwa a rubuce cewa mutum ɗaya ne, ka haɗa da ita tun kafin su tambaya.

Duk waɗannan ka ɗora musu wasiƙa gajera a sama, shafi ɗaya, zuwa ga manajan reshe. Ka faɗi adadin da ya shigo da ranarsa, da dalilinsa, ka jera takardun da ka haɗa, sannan ka sanar da su cewa miliyan 10 tana tafe daga mutumin nan, kuma bayan ta shigo za ka tura wa magada kasonsu. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin kuɗin da ya shigo ya fice zuwa asusu shida cikin kwana biyu shi ma yana jawo tambaya idan ba a yi bayaninsa tun farko ba. Ka tafi da na asali su gani da ido, ka bar musu kwafi kawai, kuma kada ka fito sai an buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafin wasiƙarka. Ka kuma tambaye su ko asusunka yana matakin da ba shi da iyakar ajiya, domin ƙananan matakai suna da iyaka, kuma idan nan matsalar take, ɗaga matakin ne maganinta.

Abin da za ka faɗa da baki ya zama daidai da abin da ke rubuce. Kada kunya ko gudun idon mutane ya sa ka ce kuɗin kasuwanci ne ko wani ɗan'uwa ne ya aiko. Na ga illar haka da kaina a nan Birmingham, lokacin da na kwashi adashen da muke yi mu goma, aka turo mini fam dubu shida daga asusun uwar adashe. Da bankina ya kira, sai na ce kyauta ce daga abokai, don ina ganin Bature ba zai gane adashe ba. Suka ce in kawo wasiƙar masu kyautar. Sai da na koma na faɗi gaskiya, na buga bayanan asusuna na wata tara da ke nuna zubin fam ɗari shida duk wata, na haɗa da jerin kwasa, sannan aka saki kuɗin, bayan na biya hayar ɗaki da rance. Ashe sun san adashe sarai, canza maganar da na yi ce ta ja lokacin.

Idan ka miƙa komai aka yi shiru, ka rubuta ƙorafi zuwa sashen ƙorafe-ƙorafen bankin ka karɓi lambar shaida, idan bai warware ba sai a kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Kada ka ba kowa na goro don ya hanzarta, ko dillalin da ya ce yana da mutum a ciki.

Ina roƙonka ka ɗauki hoton kowace takarda a sarari, kusurwa huɗu duka suna fitowa, ka turo mini, domin ranar da kasona zai iso nan za a yi mini irin wannan tambaya, kuma zan buƙaci fassarar takardar kotu idan ba da Turanci aka rubuta ta ba. Ka ajiye na asalin wuri ɗaya a akwatin Hajiya, har da rasit ɗin la'adar dillali da na lauya, don lissafin rabo ya fita daidai.

Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, ka gaishe da Kawu, ka kuma ce masa zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in yi masa bayani da bakina.

Naka,
Ƙaninka