Sawun Kabon Daban, Daidaiton Kabon Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili domin in yi gyara a kan wani rahoto da jaridarku ta buga kwanakin baya game da sauyin yanayi, inda aka yi amfani da sawun kabon da daidaiton kabon, wato abin da Turawa ke kira kabon futfirin da kabon niyutiral, tamkar ma'anarsu ɗaya ce.

Sawun kabon adadi ne da ake aunawa. Shi ne jimillar iskar da ke ɗumama duniya wadda mutum ko kamfani ko wani taro ya jawo aka saki, kai tsaye ko ta hanyar abin da ya saya, kuma da kilo ko tan ake faɗinsa. Sauran iskoki ma ana mayar da su ma'aunin iskar kabon, misali tan ɗaya na iskar mitan, irin wadda shanu da juji ke fitarwa, ana ƙidaya shi kamar tan 28 na kabon a tsawon shekara 100. A ɗauki mai shagon da ke zuba wa janareta litar fetur 5 kullum. Kowace lita idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, saboda haka lita 1,825 da zai ƙona a shekara za ta ba da tan 4 da 'yan kai. Wannan shi ne sawun janaretan, kuma ba ya raguwa sai an rage man.

Daidaiton kabon kuwa iƙirari ne na cewa lissafi ya tashi canjaras. Mai shagon nan zai iya ci gaba da ƙona litarsa 5, sannan ya biya wasu kuɗi su dasa bishiyoyi ko su raba wa mata murhu mai tsimin itace, a ba shi takardar shaidar cewa an rage tan 4 a wani wuri. A takarda ya daidaita, amma maƙwabtansa suna nan suna shan hayaƙin da ƙarar kamar jiya.

Gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar ta nuna wannan bambanci ƙarara. Hukumar FIFA ta tallata gasar a matsayin ta farko da za ta kasance mai daidaiton kabon, alhali rahoton masu shiryawa da kansa ya ƙiyasta sawunta a kan tan miliyan 3.6, wanda fiye da rabinsa daga tafiye-tafiye ne, musamman jiragen sama. Ke nan babu wanda ya ce ba za a fitar da hayaƙi ba. Alkawarin shi ne za a biya diyyarsa. Sai dai diyya tana tafiya ne da girman abin da aka amsa, kuma a nan gizo yake saƙa. Wajen lissafin sababbin filayen wasa na dindindin, an raba hayaƙin gininsu a kan shekaru 60 da ake sa ran za su yi, aka ɗora wa gasar rabon 'yan makonnin da aka yi amfani da su kawai, duk da cewa saboda ita aka gina su. Masu sa ido a kan kasuwar kabon sun ce ta haka aka rage adadin ginin har kusan ninki 8. A watan Yunin 2023 hukumar da ke kula da gaskiya a tallace-tallace ta Suwizalan, ƙasar da hedikwatar FIFA take, ta yanke cewa FIFA ba ta kawo hujjar iƙirarinta ba, ta kuma ja mata kunne kada ta sake yin irinsa.

Ita kanta diyyar tana da rauni. Bishiyar da aka dasa bana sai ta shekara da shekaru kafin ta zuƙe abin da aka rubuta mata, kuma idan gobara ta cinye ta ko aka sare ta aka yi gawayi, kabon ɗin ya koma sama, takardar kuwa an riga an sayar. Haka kuma, idan tashar lantarki ta hasken rana ce da za a gina ko da kuɗin diyya ko babu, to sayen takardarta bai rage ko kilo ɗaya ba.

Roƙona shi ne, duk lokacin da wani kamfani ya aiko muku da sanarwar cewa ya kai ga daidaiton kabon, wakilinku ya tambaye shi tan nawa ne sawunsa, me aka sa a lissafin kuma me aka bari a waje, sannan nawa ya rage da kansa, nawa kuma ya saya. Idan ya ƙi ba da alƙaluman, a shaida wa masu karatu cewa ya ƙi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya