Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Ghana kan allurar jentamaisin ga jarirai

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai a nan Kumasi, 'yar Zango, kuma kukana a kan gwajin jini guda ɗaya ne.

Kwanan baya aka kawo mana jariri daga Aboabo, kwanansa biyu, nauyinsa kilo 3. Ya ƙi kama nono, numfashinsa sama-sama, kuma kakarsa ta ce bai yi kuka da wuri ba da aka haife shi. Likita ya yi zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, ya rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amfisilin da jentamaisin. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a makon farko na haihuwa jentamaisin miligiram 5 ne ga kowane kilo, sau ɗaya a rana, ko miligiram 3 idan an haifi yaron da ƙarancin nauyi. Rabonsa ya kama miligiram 15.

Kakar ta tambaye ni, "'Yata, yaro a wannan hali, allura ɗaya tak a wuni?" Na ce mata, Hajiya, ƙarfin wannan magani yana cikin yawan da ya kai a jini lokaci guda. Idan ya hau sosai sai ya kashe ƙwayoyin, kuma ko bayan ya sauka ba sa farfaɗowa da wuri. Sauran awannin na ƙoda ne, ta fitar da shi.

A nan tsorona yake. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, balle wanda ya sha wuya wajen haihuwa. Idan maganin bai fita ba aka ɗora wata allurar, sai ya taru, ya taɓa ƙoda da cikin kunne. Ƙoda takan warke. Ji kuwa idan ya tafi ba ya dawowa, kuma uwa ba za ta gane ba sai yaro ya kai lokacin magana ya yi shiru.

Shi ya sa ake ɗibar jini daf da allura ta gaba. Idan abin da ya rage bai kai miligiram 2 a lita ba, a ci gaba. Idan ya haura, a jinkirta, tazarar ta koma awa 36 ko 48. Yaronmu fitsarinsa ya ragu a wunin farko, gwajin kuma babu shi a wurinmu. Muna auna nauyin ƙunzugu, muna duba aikin ƙoda, da haka likita ya ɗage allurar. Ya rayu, alhamdulillahi, amma a kan kintace muka yi aikin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a samar da wannan gwaji a duk asibitin da ke kwantar da jarirai, sakamako ya fito kafin lokacin allura, inshorar lafiya ta ƙasa ta biya. Duk jaririn da ya yi kwanaki yana karɓar maganin kuma a gwada jin kunnensa kafin a sallame shi.

Taka cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya, Kumasi