"Idan abin ya yi tsanani" ba bayani ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na kalli ɗan bidiyon nan da kuka saka a shirinku na lafiya kan gudawar yara, kuma tun daga ranar raina bai kwanta ba. An nuna uwa tana dama ORS, wato ruwan gishiri da sukari, ta ba yaro, kafin ƙiftawar ido ga shi nan yana tsalle a tsakar gida. Mai magana ya ce wai ruwan "yana tsayar da gudawa nan take", sannan ya rufe da cewa idan abin ya yi tsanani a garzaya asibiti. Shi ke nan fa. Don Allah wa ya rubuta wannan, kuma wane ma'aikacin lafiya ne ya duba kafin ku sake shi?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin yara na yi aikina har na ajiye. ORS ba ya tsayar da gudawa. Aikinsa mayar wa jiki ruwa da gishirin da yake zubarwa, don kada yaro ya bushe kafin ciwon ya wuce da kansa. Yawancin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, takan ɗauki kwanakinta ko an sha me. To idan kun yi wa uwa alkawarin tsayawa nan take, ta ba da kofi biyu ta ga yaro yana ta zubarwa, me kuke zaton za ta yi? Cewa za ta yi ba ya aiki, ta ajiye, ta tafi neman kafso ko maganin da zai ɗaure cikin, abin da ba a ba ƙananan yara. Kun yabi abu mai kyau da yabon da ba nasa ba, kun jawo masa baƙin jini.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne jimlar ƙarshen nan. Mene ne tsanani? Uwar da ke riƙe da yaro cikin dare, da wane ma'auni za ta auna shi?

'Yar ƙanwata ta taɓa kira na, ɗanta bai cika shekara ba, yana ta gudawa. Ta ce, "Umma, ai da sauƙi, ya ma daina kuka, barci yake ta yi." Gabana ya faɗi. Na ce ta tashe shi ta ba shi nono. Ta ce ya buɗe ido ya mayar, ya ƙi kamawa. Na ce ta kama fatar cikinsa da yatsu biyu ta ɗaga ta saki. Ta yi shiru, can ta ce fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Na ce ta sa mayafi yanzu yanzu, kada ta jira gari ya waye. Da suka isa sai da aka nemi jijiya da ƙyar aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwana. Yarinyar nan ta yi karatu, ba sakarya ba ce, kuma tana son ɗanta. A ganinta tsanani shi ne ihu da birgima, shirun da ya yi kuwa sauƙi ne, alhali shirun ne alamar da ta fi kowace muni. Bidiyonku da ta kalla a daren nan, da cewa zai yi ta ci gaba da jira.

Irin wannan na gani ba iyaka a bakin aiki. Idan ka tambayi uwa me ya sa ba ta zo da wuri ba, ba ta cewa ban damu ba. Cewa take ban san ya kai haka ba.

Tunda kun ɗauki nauyin wayar da kai, ku faɗi alamun da sunansu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ku nuna kowace a hoto. Da ni aka ba rubutun, ga abin da zan sa a bakin mai maganar: "Ki kai yaro asibiti yanzu, ko dare ne, idan ya kasa shan ruwa ko kama nono, idan yana amayar da duk abin da ya sha, idan ya yi laushi yana wuyar tashi daga barci, idan ya yi jijjiga, ko kika ga jini a bayan gidansa. Haka nan idan idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko kika ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kada ki tsaya neman wata alama, ki kai shi." Sai a ƙara da cewa ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, idan zazzaɓi ya shiga ko an yi kwana 3 babu sauƙi, a je a duba shi. Karanta wannan duka bai kai minti ɗaya ba. Kun ɓata fiye da haka wajen nuna yaro yana buga ƙwallo.

Shi ma damin ba ku faɗi awo ba. An ga hannu yana zuba gari a kofi kawai. Ƙunshin da aka fi sani a lita 1 na ruwa mai tsabta ake juye shi gaba ɗaya, kuma a duba abin da aka rubuta a jikinsa, domin akwai ƙanana. Idan ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi yawa, ya cutar da yaron da ake so a taimaka. Wanda bai kai shekara 2 ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan kaɗan. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a dama sabo, nono kuma ba a dainawa. Maganin zink ma ko ambatonsa ba ku yi ba, ga shi tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa shi da ORS, ana ba yaro kullum har kwana 10 zuwa 14. Shi ne aka tabbatar yana rage tsawon ciwon, kuma ko shi babu wanda ya ce nan take.

Na san za a ce min lokaci gajere ne, kuma ba a so a tsorata mutane. Ban karɓi wannan ba. Uwar da aka gaya wa alamu takan fi natsuwa, domin ta san abin da take dubawa. Ku cire bidiyon nan, ku ba likitan yara ko ma'aikaciyar jinya rubutun ta bi shi layi layi, duk jimlar da aka tambayi hujjarta aka rasa a soke ta, sannan ku sake ɗauka. Ku kuma fito ku ce na farkon akwai kuskure, don waɗanda suka riga suka tura wa 'yan'uwansu a waya.

Tunda na riga na ɗauki biro, kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin labaran dare ya yi ƙara. Mu da kunne ya fara nauyi sai mun matso jikin akwatin muke jin mai karatu. A rage shi don Allah.

Taku mai kallo,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya