Awon mako ba ya kai mu Laraba, kuma ni ake zargi

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ina rubuto miki ne raina a ɓace. Jiya da daddare maigida ya ce min a gaban yara wai ba ni da tattali, ni da nake kai kaina kasuwa don kada ɗan aike ya ci canji.

Mu goma sha shida ne a gidan, har da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu. Ni ce uwargida. Duk Juma'a yake ba ni kuɗin cefane, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Ni na zauna na tsara komai. Ranar Asabar in auno masara kwano bakwai, gero uku na koko, shinkafa 'yar Hausa huɗu, wake biyu, a kai niƙa lokaci guda. Tuwo dare biyar, kwano ɗaya kowane dare, sauran biyun na dambu da fate. Miya kuwa kuka da busasshiyar kuɓewa, don ba sa cin mai kuma ba sa lalacewa. Kayan miya daga 'Yankaba nake sayowa, in markaɗa, in dafa har ruwan ya ƙone, in zuba mai a kai, tunda babu wutar da za ta riƙe firji. Nama sai Juma'a.

To amarya ta ƙi tsarin. Ranar girkinta sai ta tuƙa kwano ɗaya da rabi, ta kwarara manja kamar ana biki, a fita da kwanuka gidan ƙawayenta. Shinkafar da na ware wa garau-garau sau biyu, rana ɗaya ta dafa ta da miya don a ce ta fi ni iya girki. Sauran tuwon ma ba ta ajiye shi a yi ɗumame da safe, ga yara suna tafiya makaranta da koko zalla.

Na manta ban faɗa miki ba, girkin kwana bibbiyu muke yi, shi ya sa bai daidaita da kwana bakwai ba. Wani makon ita ke buɗe sabon awo, ni in tarar da ƙasan buhu. Makon nan har bashin gawayi na ci, ban gaya wa kowa ba, sai ga abin da aka saka min da shi.

Hajiya, in raba awon ne tun ranar Asabar, kowa ta riƙe na kwanakinta? To na Inna da baƙi a kason wa zai shiga? Ko in sa wa sito kwaɗo? Na san za ta ce na mallake gida, shi kuma bakinta yake ji. Ta yaya zan sa shi ya zauna ya ga lissafin da idonsa ba tare da ya ce kishi ne?

Taki,
Uwargida daga Kano