Ka bar zancen shago, ka yi yajin agashe

Assalamu alaikum ɗana, ya Gadarif? Mu nan Maiurno lafiya lau alhamdulillah.

Kawunka yace zai kama maka shago a kasuwa, ni dai gaskiya ban yarda ba. Na san halinka, ciniki da jan magana gajiyar da kai suke, mutum uku su tsaya a kanka sai kaji kamar ka gudu, to mai shago kuma daga safe har magariba aikinsa kenan. Ba aibi bane, amma kar ka zuba jarinka a inda bakinka ne zai nemo kuɗin. Ka nemi sana'ar da hannunka zai yi aiki, masu saye kaɗan ne kuma su ɗin ne dai kullum.

Shi yasa nace yajin agashe. Mai agashe yana fama da nama da wuta, da yawansu basu da lokacin yin ƙuli, in ka samu mutum biyar da zasu riƙa karɓan kilo uku-uku duk sati kaga kilo sha biyar kenan, kana gida kana aikinka, ran Alhamis ka sa a raksha ka kai musu. Man gyaɗan da ka matse shima kuɗi ne.

Amma fa aikin sai da kula. Ka tsince gyaɗa, duk wadda tayi fumfuna ko ta yanƙwane ka zubar, guba ce kuma suya bata kashe ta. Ka soya, ka murje ɓawon, a niƙa, ka matse man sosai kafin ka soya ƙulin. Nan ne mutane ke ɓata abu, in mai ya rage a ciki yajin zai dunƙule, bayan kwana kaɗan ya fara warin tsohon mai. Ka zuba kaɗan a farar takarda, in ta jiƙe da maiƙo to bai matsu ba. Ni ma'auni huɗu na garin ƙuli nake sa ma ɗaya na kayan yaji, barkono, citta, masoro, kanumfari ɗan kaɗan da gishiri. Ka rubuta awonka kar ka canza, ɗanɗano ɗaya kullum shine zai riƙe maka su ba sai ka roƙi kowa ba.

Inda nake jin tsoro shine bashi, don na san kunyarka bazata bari ka bi mutum ba, ga kuɗi kullum darajarsu faɗuwa take. Tun ranar farko ka faɗa musu ba sabon kaya sai an biya na baya, su turo ta Bankak. Kuma kar ka dogara da mutum ɗaya ko da shi yafi saye.

Zuwan farko dai dole sai kai da kanka, ka je wajen mai agashe da la'asar kafin mutane su taru, ka bashi ƙulli ɗaya ya gwada ka bar masa lambarka.

Allah yayi maka albarka.
Ummanka