Wasiƙa zuwa ga Malam Habu a kan kalmomin da gyara ke bari a baya

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki da jin cewa littafin da ka daɗe kana rubutawa ya kai matakin dubawar ƙarshe. Ka tambaye ni abin da ya kamata ka fi sa wa ido kafin ka miƙa shi ga maɗaba'a, tun da ka ce an riga an gyara shi sau da dama. To, yawan gyaran nan shi ne ya sa nake so ka ƙara lura, domin a shekarun da na yi ina duba rubutu ga masu buga littattafai a Shomolu, kurakuran da na fi tsinta a karatun ƙarshe a wuraren da aka taɓa suke. Jimlar da marubuci ya rubuta a zama ɗaya ya bar ta yadda take ba ta cika ba da matsala ba. Wadda aka dawo aka yanke, aka matsar da wani sashenta, ko aka sauya mata kalma, ita ce takan fito da kalma biyu a inda ake buƙatar ɗaya, ko kuma ta fito da giɓi.

Bari in ba ka misali daga wani aiki da ya bi ta hannuna kwanan baya, rahoton shekara na wata ƙungiyar 'yan kasuwa da ke nan Legas. Sakataren ƙungiyar ya rubuta da farko: "Kwamitin bai amince da ƙarin kuɗin haya ba saboda ba a sanar da 'yan kasuwa a kan lokaci ba." Jimlar daidai take. Daga baya wanda ya gyara rahoton ya ga ya fi kyau dalilin ya zo a gaba, sai ya ja ya zaɓi sashen da ya fara daga "saboda", ya yanke shi, ya manna a farkon jimlar. Amma zaɓin nasa ya tsaya a kan "lokaci", bai haɗa da "ba" ta ƙarshe ba. Abin da na tarar a shafin da aka tsara shi ne: "Saboda ba a sanar da 'yan kasuwa a kan lokaci, kwamitin bai amince da ƙarin kuɗin haya ba ba."

Wannan "ba ba" ta ƙarshe ita ce ta fara tsayar da ni, kuma kowane mai dubawa zai iya ganinta idan ya natsu. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa share ɗaya daga cikinsu bai gama aikin ba. Waccan "ba" ta biyu tana da wurinta na asali, kuma wurin yana nan a buɗe a farkon jimlar, bayan "lokaci". Da na share ta na wuce, da jimlar ta zama "Saboda ba a sanar da 'yan kasuwa a kan lokaci, kwamitin bai amince da ƙarin kuɗin haya ba", wadda ba ta da wani aibi a nahawu, sai dai ma'anarta ta sauya. Da yake ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, mai karatu zai ja "ba" ta farko, ya fahimci cewa al'ada ce ba a sanar da 'yan kasuwa a kan lokaci. Sakataren yana maganar abin da ya faru sau ɗaya, amma jimlar ta koma zargin cewa haka ake yi kullum, kuma a rahoton da za a raba wa mambobi da masu rumfunan da ake haya, irin wannan zargi yana iya jawo rigimar da ba wanda ya nufa. Saboda haka duk inda ka ga kalma ta maimaitu, ka tambayi kanka daga ina ta fito, sa'an nan ka karanta jimlar tun daga ayar da ta gabace ta har zuwa tata ayar, ka haɗa da jimlar da ke gabanta da wadda ke binta, domin sau da yawa yanka ɗaya ne ya haifar da ƙari a nan da rashi a can.

Kalmomin korewa su ne mafi hatsari idan sun faɗi, domin abin da ya rage yakan karantu lafiya lau. Masu sana'armu suna yawan tuna abin da ya faru a Landan a shekarar 1631, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki na Turanci kalmar korewa ta faɗi daga umarnin da ya hana zina, har aka ci masu maɗaba'ar tarar fam 300. Mu a Hausa korewarmu takan zo a wuri biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma idan jimla ta yi tsawo sukan yi nisa da juna, don haka damar ɓatan ɗaya ta fi yawa. Ni dai a karatun ƙarshe nakan sa ɗigon fensir a kan kowace "bai", "ban", "ba ta", "ba su" da "ba a", kuma ba na ɗaga ido daga jimlar sai na ga "ba" da ta rufe ta, ko kuma na tabbata cewa irin korewar nan ce da ba ta buƙatar rufi, kamar "ba ya zuwa" ko "ba su da kuɗi".

Akwai kuma ragowar da ke fitowa idan an sauya wanda ya yi aikin. Marubuci ya rubuta "shugaban ya yanke shawara", daga baya aka ga bai dace a jingina shawarar ga mutum ɗaya ba, aka share "shugaban" aka rubuta "an", sai "an ya yanke shawara" ta zauna. A nan ba kalma iri ɗaya ce ta zo sau biyu ba, kalmomi biyu ne suke aiki ɗaya, kuma binciken maimaici a na'ura ba zai nuna maka su ba.

Dalilin da ya sa ido ke wuce waɗannan abubuwa sananne ne. Mai karatu ba ya tsayawa a kan kowace kalma. Idonsa yana tsalle ne daga wuri zuwa wuri, kuma ƙananan kalmomi irin su "da", "a", "na", "ta" da "ya" su ne ya fi tsallakewa, domin zuciyarsa ta riga ta san za su zo. Abin ya fi tsanani idan kalmar ta zo a ƙarshen layi sa'an nan ta sake zuwa a farkon na gaba. Kai da ka rubuta littafin ka fi kowa fuskantar wannan, domin ka san abin da jimlar ta kamata ta ce, sai ka karanta abin da ke ranka maimakon abin da ke kan takarda.

Na'ura za ta taimake ka a kan rabin aikin kawai. Idan da Word kake aiki, ka danna Ctrl+H, ka buɗe More, ka zaɓi Use wildcards, sa'an nan ka rubuta wannan a gurbin nema:

```
(<[A-Za-zƁɓƊɗƘƙ]@) \1>
```

Zai kai ka ga duk inda kalma ta biyo kanta da tazara ɗaya a tsakani. Ka lura na ƙara haruffanmu masu ƙugiya a ciki, domin idan babu su, kalma irin su "ƙasa ƙasa" za ta kuɓuce. Ina roƙonka kada ka taɓa Replace All a wannan bincike, domin Hausa tana da maimaici na halal mai yawa. "An umarce su su tashi", "na roƙe ku ku yi haƙuri", "ya kira ta ta zo", duk daidai suke, haka ma "kuɗin da da ake biya", inda "da" ta biyu take nufin zamanin baya. Idan ka bar na'ura ta share su gaba ɗaya, ka ƙirƙiri giɓi da hannunka a wuraren da ba su da laifi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da Find Next, ka yanke hukunci a kan kowanne. Wannan bincike ba zai kama "ya ce ya ce" ba, tun da kalmomi biyu ne suka maimaitu tare, kuma ba shi da hanyar nuna maka kalmar da babu ita.

Idan an yi maka gyaran da Track Changes, kada ka yi karatun ƙarshe alhali jan rubutu da layukan sharewa suna bayyane, domin a cikin wannan cunkoso kalmar da aka manta ba a share ba takan ɓuya a tsakanin waɗanda aka share. Ka mayar da shafin zuwa No Markup, ka karanta jimlar yadda za ta fito, amma kafin haka ka rubuta lambobin shafukan da aka fi taɓawa domin ka ba su lokaci na musamman.

Kalmar da ta ɓata kuwa, kunne ne ya fi kama ta. Ka fitar da shafukan a takarda, ka ɗora rula a ƙarƙashin layin da kake kai domin ido kada ya riga baki, ka karanta da murya a hankali, kana taɓa kowace kalma da bakin fensir. Abin da ya fi wannan shi ne ka samu wani da bai taɓa ganin littafin ba ya karanta maka a bayyane kana bi da naka kwafin, kuma duk inda ka ji ya yi tuntuɓe ko ya koma baya, ka sa alama ko da shi ya ce ba komai. Wasu abokan aikina sukan fara daga jimlar ƙarshe ta babi su yi baya jimla bayan jimla, domin labarin kada ya ɗauke musu hankali, kuma na ga amfanin hakan a babin da mutum ya riga ya haddace.

Abu na ƙarshe ya shafi maɗaba'a. Bayan ka miƙa jerin gyare-gyarenka, wanda zai shigar da su shi ma gyara yake yi, kuma zai iya barin irin wannan ragowar a daidai inda ka nuna masa. Ka nemi a turo maka sabon PDF, ka duba kowace jimla da aka taɓa daga farkonta zuwa ƙarshenta, ka kuma duba layin ƙarshe na shafin da layin farko na shafin da ke biye, domin ƙara kalma ko cire ta yakan tura layuka gaba ko baya. Kada ka sa hannun amincewa sai ka yi haka, domin da zarar an fitar da farantin bugu, gyaran kalma ɗaya yana nufin sake farantin da ke ɗauke da shafuka da dama, kuma kuɗin yakan faɗa kan wanda ya sa hannu.

Idan ka ga dama, ka turo mini babi biyun da ka ce sun fi shan gyara, tare da tsohon rubutunsu kafin a taɓa su, in gwada su da juna in mayar maka da amsa kafin ƙarshen wata. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da sauran abokanmu na nan.

Wassalam.

Naka amini,
Lawal